Yadda nake fitar da rajistar kadarori daga takardun miƙa aiki

Tambaya: "Salamu alaikum. Na karɓi sito a wata makarantar sakandare, wanda na gada ya bar mini takardun miƙa aiki shafi 26, wasu da hannu aka rubuta su. Shugaba na son rajistar kadarori a Excel mai lambar kaya, wurin da yake, halin da yake ciki da kuɗin da aka saya. Ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya taya ka riƙo. Na karɓi sito sau uku a rayuwar aikina, kuma na farkon ne ya fi ba ni wuya, don na zauna na kwafe takardun kamar yadda suke, na sa hannu, daga baya oditoci suka zo suna tambayata kayan da ban taɓa gani da idona ba.

Takardar miƙa aiki maganar mutum ɗaya ce, abin da ya tuna ko ya kwafo daga wanda shi ma ya gada. Saboda haka kowane bayani ka ba shi gurbi biyu a Excel: na farko abin da takarda ta ce, harafi da harafi ko da kuskure ne, na biyu abin da ka tabbatar da kanka. Ka ƙara gurbi ɗaya na shafi da layin da ka ɗauko maganar, misali 14/6. Ranar da aka yi maka tambaya, a cikin minti ɗaya za ka buɗe shafin ka nuna.

Bari in ba ka misalin layi ɗaya da na taɓa samu. An rubuta: kwamfutar cinya, guda 5, lamba 0047 zuwa 0051, ofis, masu kyau, N1,750,000. Ga mai kallo layin ya cika, amma babu gurbi ɗaya a ciki da ya shiga rajistata yadda aka rubuta shi.

Abu na farko, na fasa shi zuwa layi biyar, don rajista kaya ɗaya layi ɗaya take so. Kujerun aji da bencina ana iya haɗa su a dunƙule in tsarin wurinku ya yarda, amma duk abin da ke da lambarsa a jiki, layinsa daban. Kafin ka shigar da lamba ko ɗaya, ka mayar da gurbin lambobin zuwa `Text`, in ba haka ba Excel zai cinye sifilin farko, 0047 ta koma 47. Haka kuma duk lambar da ta wuce alƙaluma 15, zai mayar da na ƙarshen sifili, kuma ba za su dawo ba sai ka sake rubutawa.

Da na je duba kwamfutocin, huɗu na tarar. Biyu daga ciki suna ɗauke da 0049, don takardar liƙi ta ɗaya ta ɓare, wani ya sake rubutawa da alƙalamin maka yadda ya ga dama. Abin da ya raba gardama shi ne lambar kamfani da ke ƙasan kowace kwamfuta. Lambar da ofis ya liƙa tana ɓarewa, fenti yana rufe ta, amma ta kamfani tana nan, shi ya sa nake ba ta gurbinta daban. Ka kula da rubutun hannu sosai a nan: sifili da harafin O, 1 da I, 5 da S, 8 da B. In akwai mota a cikin kayan, lambar jikinta ta zamani tana da alƙaluma da haruffa 17, kuma babu I, O ko Q a ciki, don haka in ka ga ɗayansu a takarda, mai kwafa ne ya yi kuskure. Don gano lambar da ta maimaitu, in lambobin suna gurbin A, ka sa wannan a wani gurbi a gefen layi na biyu ka ja shi ƙasa:

```
=COUNTIF(A:A,A2)
```

Duk inda ya nuna fiye da 1, sai ka tashi ka je wurin kayan.

Maganar wuri ba ta da tsawo. "Ofis" ba wuri ba ne a makarantar da ke da ofis takwas. Ka rubuta gini, ɗaki, da muƙamin wanda kayan ke hannunsa, kuma ka tsayar da suna ɗaya ga kowane ɗaki kada ka riƙa canjawa. Kwamfuta ta biyar ɗin nan, bayan kwana uku ina cigiya, ta fito a gidan wani malami da aka yi wa canjin wurin aiki. Ba sata ya yi ba, aro aka ba shi da baki, ba takarda.

Halin kaya kuwa, "mai kyau" a takardar miƙa aiki sau da yawa ma'anarsa "yana nan". Ni kalma huɗu nake amfani da su: yana aiki, yana aiki amma yana son gyara, ba ya aiki amma zai gyaru, ya mutu. Kuma ba na rubuta ko ɗaya sai na kunna abin, na sa kwanan watan da na duba. Ɗaya daga cikin masu kyaun nan batirinta ya kumbura har ya ɗaga madannai. Wanda ya mutu ma kada ka cire shi daga rajista, yana nan a wuyanka har kwamitin da ke tantance lalatattun kaya ya zauna ya amince a fitar da shi.

Kuɗi ne inda na fi son ka natsu. N1,750,000 ɗin nan, na duka biyar ne ko na guda ɗaya? Takardar ba ta faɗa ba. Na je wurin akanta muka nemo baucar biya da takardar shigar kaya sito, wadda ake kira SRV. Sai ga shi kuɗin duka biyar ne, wato N350,000 kowace, kuma ba a haɗa da harajin VAT ba. An saye su bayan watan Fabrairun 2020, lokacin da harajin ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari, don haka abin da aka biya N1,881,250 ne, kowace N376,250. Tunda makarantar ba ta karɓo harajin daga baya, wannan na ƙarshen ne kuɗin sayen da na shigar. Haka kuɗin dako da na kafawa: janareta da aka biya a kawo shi a girka shi, duk suna cikin kuɗinsa. Kwanan watan saye ma daga baucar za ka ɗauka, kada ka sa ranar da aka miƙa maka aiki, don da shi akanta ke lissafin raguwar darajar kaya duk shekara.

Za ka tarar da kayan da babu baucarsu ko kaɗan, musamman tsofaffi da waɗanda ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ko wani mai hali ya bayar kyauta. Ina roƙonka kada ka je kasuwa ka tambayi farashin yau ka cike gurbin, kuma kada ka sa sifili, don sifili yana shiga jimla kamar an tabbatar da shi. Ka bar gurbin fanko, ka rubuta a gefe "ba a samu bauca ba" ko "kyauta ce". In shugaba na son ƙiyasi, a yi shi a wani gurbi daban, da sunan wanda ya ƙiyasta da ranar da ya yi.

In ka gama, ka tace layukan da gurbin takarda da na tabbatarwa suka saɓa, ka buga su a shafi daban. Ka kai wa wanda ka gada tun yana kusa, ku zagaya tare, wasu zai warware maka su nan take. Waɗanda suka rage, ku sa hannu ku biyu, shugaba ya sa nasa, sannan a saman takardar miƙa aikin ka rubuta cewa ka karɓa ban da abubuwan da ke cikin wannan shafi. Shafi 26 zai ci maka kamar kwana biyu na kwafa, zagayen duba kaya kuma ka ware masa mako guda.