Kashi 13 a diski ɗaya, kuma kowane kati da nasa C0001

"Assalamu alaikum 'yan gida. Ina tace fim mai dogon zango a Premiere, kashi 13. Bayan wata huɗu furodusa ya dawo wai a gyara kashi na 7, kuma na sauya diski. Na buɗe aiki komai ya yi ja, da na haɗa sai wasu hotunan suka fito ba nasu ba. Ta yaya kuke tsara folda da Bin da sunayen kilif don kada gyara ya zama bala'i? Zango na biyu za mu shiga."

Wa alaikumus salam. Sannu ɗan'uwa, Allah Ya kawo sauƙi. Wallahi ina karantawa ina jin abin a ƙirjina, don duk wanda ya zauna a kujerar nan ya san wannan jan allon. Kafin komai: kada ka sake danna Save a kan furojet ɗin nan. Shiga foldar Adobe Premiere Pro Auto-Save, ka kwashe duk abin da ke ciki zuwa wani wuri yanzu. Kwafi 20 kawai yake riƙewa a saitinsa na asali, sabo yana shigowa tsoho yana fita. Kwafin da aka yi kafin ka haɗa fayilolin shi kaɗai ya san inda kowane kilif yake da farko.

Abin da ya same ka, kusan na rantse, sunaye ne suka yi karo. Kyamarorin Sony da yawa, da zarar an goge kati da Format, suna komawa ƙirga daga C0001.MP4. To kun yi kwana 30 a lokeshan, kati biyu ko uku kullum. Ka ga kana iya samun fayil 60 ko fiye masu suna C0034.MP4 a diski ɗaya, kowanne da abin da ke cikinsa. Muddin diskin bai motsa ba, Premiere ba ya ruɗewa, domin hanyar folda yake bi. Ranar da hanyar ta sauya, sai ya koma neman suna. Ka nuna masa fayil ɗaya a Link Media, Relink others automatically na kunne, in an taɓa tsarin foldojin sai ya kama mai irin sunan da ya fara cin karo da shi. Shi a wurinsa ya gama aiki.

Nan ne abin ya fi ciwo, don jan allo aƙalla yana gaya maka akwai matsala. Wannan kuwa shiru yake yi. Ka ɗauki fitowa ta 12 a kashi na 7, uwa tana yi wa 'yarta faɗa a tsakar gida, an ɗauka rana ta 9. Sautin yana nan daidai, tunda daga rikoda ya zo da wani suna dabam. Amma hoton da ke kai na rana ta 23 ne, wani mutum yana fitowa daga mota. Wannan ma mai sauƙi ne, ido zai gani. Mugun shi ne wanda aka ɗauka a gida ɗaya, da 'yan wasa ɗaya, sai dai ɗankwalin ya sauya launi kuma baki ba ya tafiya da magana. In kana sauri za ka wuce shi, sai ya hau YouTube masu kallo su nuna maka. Alama ɗaya da za ka duba a kan layin tacewa: kilif ɗin da ya fito da zane-zanen layuka a karkace, yana nufin fayil ɗin da aka haɗa masa bai kai tsawon da yanka yake buƙata ba. Amma in baƙon fayil ɗin ya fi na asali tsawo, ko wannan alamar ba za ka gani ba.

Gyaran: buɗe tsohon kwafin nan, ka bar shi ya yi jansa. A Link Media akwai layin File Path, yana nuna tsohuwar hanyar kowane fayil, ka ɗauki hotonsa da waya. Ka haɗa kati-kati, ba duka a lokaci ɗaya ba, kuma ka ƙara alama a Media Start tare da File Name, don ya gwada lokacin farawa ba suna kaɗai ba. Zai ci maka yini. Ka ba shi yinin. Kuma in ka zo Make Offline don cire wanda ya haɗu ba daidai ba, ka tabbata Media Files Remain on Disk ka zaɓa, ɗayan zaɓin goge fayil yake yi daga diski.

Tsofaffin fayilolin zangon farko kada ka sauya musu suna yanzu, za ka ƙara wa Barno dawaki ne kawai. Ka bar su yadda suke. Sabon tsari daga katin farko na zango na biyu zai fara.

Ga dokar da nake ganin ta fi kowace: kowane fayil ya sami sunan da babu mai irinsa kafin ya shiga Premiere, bayan ya shiga kuma ba mai sake taɓa sunan ko matsar da shi har abada. Ba sai ka goge sunan kyamara ba, gaba za ka ƙara masa:

```
Z02_R09_A_K02_C0034.MP4
```

Zango na 2, rana ta 9, kyamara A, kati na 2, sannan asalin sunan. Batch Rename na Adobe Bridge yana yin kati guda cikin minti ɗaya: ka sa Text, ka bi shi da Current Filename. Sifilin nan na 09 ba ado ba ne, in babu shi wasu manhajojin za su jera maka 10 kafin 2. Kada ka sa ƙ, ɗ, ɓ ko alamar ' a sunan fayil, rubuta Dandali ba Ɗandali ba, domin in aikin ya je wata kwamfuta ko wata manhajar gyaran kala, irin waɗannan haruffan sukan rikiɗe. Togiya ɗaya: in kyamarar AVCHD ce mai fitar da 00000.MTS, kada ka taɓa sunayen ciki, dogon ɗauka tana raba shi gida-gida ne. Sunan foldar katin za ka bambanta, ka shigo da shi ta Media Browser. Sauti ma haka yake, rikodar Zoom tana da nata ZOOM0001, a yi mata irin wannan ƙarin.

Kuma don Allah a ja wa mai kwashe kati kunne. Yawancin wannan wahalar ba edita ne ya jawo ta ba. Wani ne a lokeshan, ƙarfe ɗayan dare, ya buɗe kati ya tsinci fayilolin bidiyo kawai ya zuba a New folder (3), gobe ya zuba na gobe a kai, kwamfuta ta tambaye shi ko a maye gurbin mai irin sunan, ya danna eh ya tafi ya kwanta. Wannan ɗaukar ta tafi ke nan, babu manhajar tacewa da za ta dawo da ita. Shi ba zai taɓa sani ba. Kai ne za ka zauna gaban darakta bayan wata huɗu kana rantsuwa ba ka ga fitowar ba, ana kallonka kamar kai ka ɓatar. Abin yana ƙona min rai ƙwarai. A kwafe kati dukansa da duk foldojinsa, zuwa diski biyu, a gwada yawan fayiloli da nauyinsu da na katin, sannan a goge. Kwafi na biyu a bar shi yadda kyamara ta rubuta shi, ba a sauya masa ko harafi.

Foldojin diski kuma, ga yadda ya isa:

```
01_FUROJET
02_DAUKA/R09/A_K02
03_SAUTI/R09
04_KIDA_DA_ZANE
05_FITARWA/KASHI07
```

Ka lura ɗauka tana bin rana ne, ba kashi ba. Dalili kuwa ka san shi: in an sami gidan Alhaji na kwana biyu, fitowar kashi na 2 da na 7 da na 11 duk a kati ɗaya za su hau. Wanda ya ce zai raba fayiloli a diski bisa kashi, dole ya yayyaga kati, ko ya yi kwafi biyu na fayil ɗaya, daga nan ruɗani ya fara. Rabon kashi da fitowa aikin Bin ne a cikin Premiere, inda za ka ja kilif ka kai ko'ina ba tare da fayil ya motsa ba. Bin na KASHI07, a cikinsa F12, F13, haka. Duk waƙa ko tambari da aka turo maka ta WhatsApp, ka fara kai shi 04 kafin ka shigo da shi. Abin da aka jawo kai tsaye daga Downloads shi ne farkon ɓacewa ranar da diski ya bar kwamfutarka.

Sunan kilif a cikin Bin kana iya sauya shi, ba ya taɓa fayil ɗin diski. Duk da haka ni ban so. Na fi son a bar sunan, a cika Scene da Shot, a rubuta bayani a Description, kamar "uwa, kusa, ɗauka ta 3, ita darakta ya zaɓa", a sa alama a Good. Ka rubuta sunan ɗan wasan da ke ciki ma. Ranar da aka ce a rage fitowar wane, ko hukumar tace fina-finai ta ce a cire wani wuri, Search Bin ɗaya da sunansa zai tattaro maka su. Takardar mai kontinuiti ita ce abokiyar wannan aikin, ka roƙe ta tun ana ɗauka, ka ɗauki hotonta ka ajiye a 01.

Saura Sequence. Kalmar final ka manta da ita. Fara da `K07_v01`, K a nan kashi ne ba kati ba, duk lokacin da za ka aika wa furodusa ka yi Duplicate, ka ci gaba a `K07_v02`, tsohon ya koma Bin na TSOHO. Abin da ka fitar ya ɗauki sunan Sequence ɗinsa daidai, `K07_v05.mp4`, don in ya ce "wancan da ka turo kafin Sallah ya fi", ka san wanne yake nufi. Akwai tarko a nan: Duplicate ba ya kwafe Nest da ke ciki. In ka gyara Nest a v05, ya sauya a v01 har v04, tsohon da kake taƙama da shi ya tashi daga tsoho. Sai ka kwafe Nest ɗin shi ma ka ba shi lamba. Kuma kashi 13 a furojet ɗaya nauyi ne, ga haɗari in fayil ɗin ya lalace. Ka raba kowane kashi da nasa, ko ka duba Productions, don irin wannan aka yi shi.

Af, diskin da ka sauya. A Windows ka shiga Disk Management, Change Drive Letter and Paths, ka ba sabon diskin harafin da tsohon yake da shi, wanda ka gani a File Path. In ba a taɓa foldojin ba, sau da yawa tsohon kwafin zai buɗe ba ja ko ɗaya, ba ka ma buƙatar Link Media. Ka fara gwada wannan kafin ka shiga haɗa kati-kati. Na zango na biyu kuma ka ba shi harafi na can ƙasa kamar M a duk kwamfutar da zai hau, don filashin da wani ya soka kada ya ƙwace masa wuri. In ka buɗe tsohon kwafin, turo mana hoton File Path ɗin mu gani tare.