SpO2 na nuna 98, amma karen bai yi mini ba

Tambaya: Likita, ban daɗe da fara aiki a asibitin dabbobi ba. An ba ni kula da ƙaramar karya mai kilo 4 da aka sa wa maganin barci ana cire mata mahaifa. Na'ura na nuna SpO2, wato yawan oksijin da ke cikin jini, 98, bugun zuciya 95. Wannan ya isa in kwantar da hankali?

Amsa: Bai isa ba, ɗan'uwa. Dabbar da ke shaƙar tsantsar iskar oksijin ta bututu za ta iya nuna 98 alhali jinin da ke kaiwa ƙoda ya yi ƙasa sosai. Abin da na fi tsoro a ƙaramin kare shi ne faɗuwar ƙarfin jini, domin ba ya sanarwa.

Lambar MAP, wato matsakaicin ƙarfin jini, kada ta sauka ƙasa da 60. Idan da dofila kake aunawa, wato na'urar da ke jiyar da sautin gudun jini, ƙarfin jini na sama ya tsaya kusan 90 zuwa sama. Ka kula da ɗaurin ƙafa na awon jinin: faɗinsa ya zama kashi 40 cikin ɗari na kewayen ƙafar. Wanda ya cika faɗi zai ba ka lamba ƙasa da gaskiya, kuma a 'yan karnukan nan akan yi wannan kuskuren.

To, a ce ka auna karyar nan ka samu MAP 52. Kafin ka taɓa wani magani, duba zurfin barcin. A barcin da ya dace da aiki, ƙwayar ido na karkata ƙasa wajen hanci, muƙamuƙi ya yi laushi amma da ɗan ƙarfi. Idan ido ya koma tsakiya, sai ka taɓa gefen fatarsa. In ta ƙifta, barcin bai yi nisa ba. In ko motsi babu, baƙin idon ya buɗe, muƙamuƙi ya saki gaba ɗaya, ta yi nisa fiye da kima. Isofuloren, maganin barcin da take shaƙa, yana buɗe jijiyoyin jini, saboda haka ka rage shi, misali daga kashi 2.5 zuwa 1.5 cikin ɗari, ka sanar da mai yin aikin, ka sake aunawa bayan minti biyu ko uku. In bai tashi ba, a ba ta ƙarin ruwa ta jijiya, mililita 5 zuwa 10 a kowane kilo, wato 20 zuwa 40, cikin minti 15.

Bugu 95 ba laifi. In ya sauka kusan 60, tambayi kanka me aka ba ta. Zailazin, allurar kwantar da dabba, kan rage bugu, kuma a farkonsa ƙarfin jini na hawa, saboda haka atirofin, maganin ƙara bugu, a lokacin zai wahalar da zuciya. Sanyi ma na rage shi, kuma mai kilo 4 na saurin yin sanyi, don haka ka auna zafin jikinta, ka lulluɓe ta.

SpO2 kuwa, in ya faɗi ƙasa da 95, fara duba launin dasashi da motsin ƙirji, sannan ka jiƙa harshe ka sauya wa matsin na'urar da ke kan harshen wuri, don yakan danne jinin harshen. Ƙasa da 90 da gaske, duba bututu nan take. Rubuta komai duk minti 5, yatsanka kuma na kan jijiyar cinya.