Gwajin wata shida: kada ka saki shagonka tukuna

"Malam, ina da shagon kayan masarufi a Kasuwar Singa, ribata a wata kamar naira 120,000. Wani dila ya yi min tayin manajan sito, albashi 200,000. Takardar ta ce gwajin wata shida, ana iya ƙarawa. Su notis na mako ɗaya za su ba ni, ni kuma wata biyu. In sayar da shagon in karɓa?"

Alhaji, bari mu fara da lissafin mafi munin abin da zai iya faruwa. Ƙarin da za ka samu 80,000 ne a wata. A ce an sallame ka ƙarshen wata na huɗu: ka tara 320,000, ga kuɗin mako ɗaya kusan 50,000. To, a ce hayar sabon shago ta shekara 400,000 ce, sannan sai ka yi wata uku kafin kwastomomi su dawo, ribar 360,000 ta wuce ke nan. Asara 760,000. Sai ka kusa wata goma a bakin aiki kafin ƙarin albashin ya rufe wannan ramin, su kuwa kwana bakwai sun ishe su rabuwa da kai.

Kada ka dogara da doka ta cece ka. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta ƙayyade tsawon gwaji ba. Sashe na 11 ya sa mafi ƙarancin notis: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya daga nan zuwa shekara biyu. Wannan ma leburori da akawu ya shafa; mai muƙamin manaja, abin da ya sa wa hannu shi Kotun Ma'aikata za ta fara dubawa. Saboda haka gyara kafin sa hannu ake yinsa.

Wannan "ana iya ƙarawa" ita ta fi damuna. Nemi a rubuta cewa sau ɗaya za a ƙara, kada ya wuce wata uku, kuma in wa'adi ya cika ba a ce komai ba, an tabbatar da kai. Notis kuma a daidaita, wata ɗaya kowane ɓangare ko kuɗinsa. Yadda yake yanzu, in ka tashi tafiya nan take, 400,000 za su nema a hannunka.

Sai sharaɗin kora. Kora kan babban laifi ba ta da notis, ba kuɗin madadinsa, kuma a sito giɓin kaya aka fi fakewa da shi. A lissafa laifuffukan ɗaya bayan ɗaya, a kuma rubuta cewa sai an ba ka takardar tuhuma ka amsa. Ranar karɓar makulli a ƙirga kaya katan-katan a gabanka, ku sa hannu ku biyu, in ba haka ba giɓin wanda ya gabace ka a wuyanka zai rataya.

Shagon kuwa, ɗora amintaccen yaro a kai, kana duba littafin ciniki duk ƙarshen mako, har takardar tabbatarwa ta shigo hannunka. In dilan ya ƙi taɓa notis ɗin, ya kuma ƙi iyakance gwajin, ni dai ba zan ce ka karɓa ba.