Tambayi likita: inda kowane maganin kashe ƙwayoyin cuta yake kai sara

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 9 ya yi kwana goma yana busasshen tari da ɗan zazzaɓi. Ya sha amoksisilin kwana biyar babu sauƙi, da aka canza masa zuwa azitiromaisin sai ya warware. Na farkon jabu ne?
Wata uwa daga Zariya

Amsa: Hajiya, jabun magani yana nan a kasuwa, amma ba shi na fara zargi ba. Na fi zargin cewa maganin farko ya je neman abin da zai rushe bai same shi ba.

Ki ɗauki ƙwayar bakteriya kamar tsohon birni. Tana da ganuwa, tana da maƙeru a ciki inda ake ƙera kayan aiki, wato furotin, sannan tana da kundin da aka rubuta dukkan tsarinta, wanda masana ke kira Di'en'e. Yawancin magungunan da muke rubutawa ɗaya daga cikin wuraren nan uku suke kai wa hari.

Amoksisilin ɗan gidan fenisilin ne, shi fenisilin kuwa Alexander Fleming ne ya gano shi a Landan a 1928. Shi ganuwa yake nema. Katangar bakteriya saƙa ce ta zaruruwa da aka ɗaure da juna, kuma duk lokacin da ƙwayar za ta girma ko ta rabu biyu sai ta kwance wani wuri ta ƙara sabon zare ta sake ɗaurewa. Fenisilin yana maƙale wa sinadaran da ke wannan ɗaurin, ya hana su aiki. Ana kwancewa, ba a ɗaurewa. Ruwa kuma yana ta tura kansa cikin ƙwayar, har ta kumbura ta fashe kamar salkar da ɗinkinta ya saki. Ƙwayoyin jikin ɗan Adam ba su da irin wannan katanga ko kaɗan, shi ya sa muke ba mai juna biyu da jariri amoksisilin hankali kwance, in dai ba ya yi musu borin jini. Siftiriyakzon da sifuroksim, 'yan gidan sifalosiforin, su ma haka suke aiki.

To, akwai wata ƙaramar bakteriya mai suna maikofilasma wadda ba ta da katanga tun asali. Tana yawan kama yara 'yan makaranta da matasa, kuma abin da kika kwatanta shi ne kamanninta: tari busasshe mai naci, zazzaɓi mara zafi sosai, yaro yana yawonsa amma bai da kuzari. Ko kwali guda na amoksisilin mai kyau ya shanye, ba zai taɓa ta ba. Azitiromaisin kuwa wucewa yake cikin gari ya tsayar da maƙera. Maƙerar nan sunanta ribosom, kuma maikofilasma tana da ita kamar kowace bakteriya. Mu ma muna da ribosom, sai dai girmansa da ƙirarsa daban, don haka maganin ya fi kama na ƙwayar cutar.

Akwai wata yiwuwar da ya kamata ki sani. Tarin yara da yawa bairus ke kawo shi, shi kuwa bairus ba ganuwa gare shi ba, ba maƙera tasa ta kansa, da namu yake aiki. Idan shi ne, duka magungunan biyu ba su yi komai ba, lokacin warkewar ne ya zo daidai da canjin magani. Saboda haka kada ki mayar da azitiromaisin maganin kowane tari a gidanki. Tarin da ya kai mako biyu kuma, musamman da rama ko gumin dare, a kai yaro gwajin tarin fuka.

Tambaya: Mene ne bambancin amoksisilin da ogmentin? Na ga na biyun ya fi tsada nesa ba kusa ba.
Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi

Amsa: Alhaji, amoksisilin ne a cikin duka biyun. Wasu bakteriya sun iya fitar da wani sinadari da ke datse fenisilin kafin ya isa katanga. A ogmentin an haɗa masa ɗan rakiya, kilabulanik, wanda ke tare wannan sinadarin har amoksisilin ya wuce. Idan ƙwayar ba ta fitar da shi, kuɗin da ka ƙara bai saya maka komai ba sai ƙarin yiwuwar gudawa. Idan kuma mara katanga ce, duk ɗaya ne.

Tambaya: Ina fitar da ruwa kamar mugunya ta gaba, fitsari yana yi mini zafi. An yi mini allura ɗaya, an kuma ba ni dokisisaikilin na kwana bakwai. Kwana biyu na ji garau. Sai na shanye kafso ɗin?
Wani magidanci daga Kano

Amsa: Sai ka shanye, Malam. Cututtuka biyu aka yi wa magani, don sukan zo tare kuma da ido ba a rarrabe su. Allurar, wadda galibi siftiriyakzon ce, ta ciwon sanyi ce, wato gonoriya. Tana rushe katanga, aikinta da sauri, ita ce ta ba ka sauƙin da ka ji. Cuta ta biyun, kilamidiya, ɓuya take a cikin ƙwayoyin jikinka, katangar da take da ita 'yar kaɗan ce, kuma magungunan katanga ba sa gamawa da ita. Dokisisaikilin yana shiga har inda ta ɓuya ya hana maƙerarta karɓar kayan haɗa furotin. Amma shi ba fasa ƙwayar yake ba, tsayar da ita yake ta kasa hayayyafa, sojojin jiki su ƙarasa. Wannan aiki yana son lokaci, shi ya sa aka ce miligiram 100 safe da yamma har kwana bakwai. Ka tsaya a rana ta biyu, maƙera ta sake hura wuta.

Yadda ake shan sa ma yana da ƙa'ida. Dangin tetarasaikilin suna kama ƙarfe da alli su dunƙule a hanji, su fita ba tare da sun shiga jini ba. Don haka a raba shi da maganin ƙarin jini da farin ruwan maganin gyambon ciki da awa biyu zuwa uku. Tsohon tetarasaikilin, ja da yalo ɗin nan na kemis, fura da nono ma tana lalata shi sosai. Dokisisaikilin ya fi jure madara, amma ni nakan ce a raba su. Ka haɗiye shi da ruwa kofi guda kana zaune, kada ka kwanta sai bayan rabin awa, domin idan ya tsaya a maƙoshi yakan yi gyambo mai zafin gaske.

Abu mai nauyin faɗa: iyalinka su ma sai an yi musu magani, ko ba sa jin komai, kuma a ƙaurace wa kwanciya har kwana bakwai ɗin su cika. Kada ka raba musu naka. Idan akwai mai ciki, ba a ba ta dokisisaikilin, saboda wannan son alli nasa yana kai shi ga ƙashi da haƙoran ɗan da ke ciki. Ita azitiromaisin za a ba ta.

Tambaya: Mahaifina mai shekara 70 ya sha allurar jentamaisin kwana goma a gida. Yanzu kunnensa yana ƙara, yana tafiya yana tangaɗi. Akwai alaƙa?
Wata ɗiya daga Gusau

Amsa: Akwai, 'yar'uwa. A dakatar da allurar yau, a kai Baba asibiti a auna aikin ƙodarsa da jinsa.

Jentamaisin shi ma ribosom yake kamawa, amma maimakon ya tsayar da maƙera sai ya sa ta ƙera gurɓatattun kaya, waɗanda ke huda ƙwayar ta mutu. Magani ne mai ƙarfi da ya ceci jarirai da yawa. Illarsa ita ce yana taruwa a ƙoda da can cikin kunne, inda ƙananan ƙwayoyin ji da na daidaita tsayuwa suke. Ƙoda takan farfaɗo, amma ƙwayoyin kunnen da suka mutu ba sa sake tsirowa. Kuma ta ƙoda kaɗai yake fita, ƙodar dattijo kuwa ta riga ta rage gudu, sai maganin ya yi ta taruwa. A asibiti ana auna shi da nauyin mutum, ana duba jini, ana taƙaita kwanakinsa. Kwana goma a gida ba tare da gwaji ba ganganci ne daga wanda ya rubuta. Ki gaya wa likita idan Baba yana shan lasis na rage kumburi, don haɗuwarsu tana ƙara haɗarin.

Tambaya: Gwajin Widal ya nuna taifot, ina shan sifuro kwana huɗu. Yanzu agarata tana ciwo in na taka. In ci gaba?
Wani malamin makaranta daga Bauchi

Amsa: Ka dakata, Malam, ka huta da ƙafar, ka ga likita a canza maka.

Sifuro, wato sifurofuloksasin, kundi yake nema. Di'en'e na bakteriya dogon zare ne murɗaɗɗe kamar igiya. Kafin ƙwayar ta rabu biyu sai ta warware shi ta kwafe, kuma duk wanda ya taɓa warware tufka ya san yadda gaba ke ƙara cukuikuyewa. Bakteriya tana da wani sinadari, jaires, mai yanke zaren, ya saki murɗin, ya sake haɗewa. Sifuro yana kama shi bayan ya yanke kafin ya haɗe. Kundi ya zama gutsattsari, ƙwaya ta mutu. Lebofuloksasin da ofuloksasin duk haka suke. Mutanen Kano sun san wani ɗan gidan nan, Turoban, wanda kamfanin Faiza ya gwada a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996. Daga baya aka taƙaita amfani da shi saboda cutar da hanta.

Dangin nan an san su da raunana jijiyar agara, wani lokaci har ta tsinke, kuma abin yakan fara a kwanakin farko. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya haura shekara 60, da mai ciwon ƙoda, da mai shan firednisolon ko deksa. Ban da gudu, ban da ƙwallo, sai an duba ka. Idan ka ji wani abu ya yi ɗas a bayan dunduniya ka kasa ɗagawa a kan yatsu, wannan na gaggawa ne.

Sai batun taifot ɗin kansa. Widal ba ƙwayar yake gani ba, martanin jiki yake aunawa, kuma a ƙasarmu yakan nuna alama ga wanda ya taɓa yin cutar tuntuni, ko mai zazzaɓin cizon sauro. Na sha ganin wanda ya sha sifuro sau uku a shekara a kan takardar Widal kawai. Kowane zagaye yana ba ƙwayoyin hanjinsa damar sauya ƙirar jaires ɗinsu, har ranar da ciwon mafitsara na gaske zai zo maganin ya kasa kamawa. Ka nemi a yi maka gwajin maleriya da shukar jini, wadda ke nuna ƙwayar da maganin da ke cin ta. Ka gaya musu ka riga ka sha sifuro kwana huɗu, domin hakan yana iya hana ƙwayar tsirowa a gwajin.