Ɗan dambe a gem ɗin waya: a sa masa ƙashi ko a zana kowane firem?

Tambaya: Salam 'yan uwa. Ni a Gusau nake, ina haɗa ƙaramin gem na dambe na waya da Godot, ni kaɗai ne mai zane kuma ni ne mai kod. Wasu sun ce in yanka ɗan damben gaɓa-gaɓa in sa masa ƙashi da mesh, wasu sun ce in zana kowane firem da hannu ya fi kyau. Wanne zan bi don Allah?

Wa alaikumus salam ƙanena. Na daɗe ina wanga aiki ta hanyoyin biyu, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne mesh, wato ragar ɗigo da ake shimfiɗawa a kan hoto, lanƙwasa abin da ka riga ka zana kawai yake yi, ba ya ƙirƙiro abin da ba ka zana ba. In ka riƙe wannan to rabin shawarar ta yanke kanta. Shawarata a taƙaice ka sa ƙashi a jiki, amma naushi da juyin ƙirji da fuska ka zana su da hannu ka riƙa musanyawa. Bari in faɗa maka dalili.

Mu fara da memori tunda waya ka ce, kuma ka san irin wayoyin da mutanenmu ke riƙewa a Gusau da Ƙaura da Mafara, ba manya ba ne. A ce ɗan damben ka yana cikin hoto mai fiksel 512 tsawo 512 faɗi. Kowane fiksel bayit 4 yake ci in akwai wajen da ake gani ta ciki, ka ga firem guda megabayit 1 ke nan cif a memori. Kada girman fayil ɗin PNG ya ruɗe ka, wancan a matse yake, da zarar an loda shi sai ya buɗe ya koma girmansa na ainihi. To ka lissafa: tsayuwa firem 6, taku gaba 8, ja da baya 8, naushi 10, shan naushi 6, faɗuwa 12, hamsin ke nan, megabayit 50 ga mutum ɗaya. In ka yanke gefen da babu komai ka kuma matse da ETC2 wanda ke mayar da shi kashi ɗaya cikin huɗu zai ragu sosai, amma duk da haka kowane sabon ɗan dambe sabon lissafi ne kuma sabon zane hamsin. Da ƙashi kuwa gaɓoɓinsa gaba ɗaya suna iya shiga hoto guda mai 1024 da 1024, megabayit 4, motsin kansa lambobi ne kawai ba su da wani nauyi. Kuma ƙashin nan guda da motsinsa za ka ɗora wa ɗan Arewa, ɗan Kudu, ɗan Guramada, ka canza fuska da wando da layu kurum, matuƙar tsawon gaɓoɓinsu ya yi kusa da juna. Ga mutum ɗaya mai zane da kod wallahi wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Gem ɗin Cuphead da ake ta kawo misali da shi, wanda ya fito a 2017, a takarda aka zana shi firem bayan firem, amma shekaru suka kwashe kuma ba mutum ɗaya ba ne.

Sai dai ƙashi ma ba kyauta ba ne, kowane ɗigon mesh sai an lissafa inda zai koma a kowane firem. 'Yan dambe biyu ba matsala, amma 'yan kallo da makaɗa na baya kada ka sa musu mesh, zane biyu ko uku masu maimaituwa ya ishe su.

Yanzu inda mutane ke shan wahala, gwiwar hannu. Nan nake so ka natsu. Idan ka zana hannu guda daga kafaɗa zuwa wuyan hannu ka sa masa ƙashi biyu, na damtse da na sangali, kowane ɗigo na mesh kana ba shi nauyi, wato kashi nawa zai bi wannan ƙashi kashi nawa zai bi wancan. Na sama can ɗari bisa ɗari damtse, na ƙasa ɗari bisa ɗari sangali, waɗanda ke daidai gwiwa rabi da rabi. To injin abin da yake yi shi ne ya duba inda ƙashi na farko zai kai ɗigon, ya duba inda na biyu zai kai shi, sai ya aje shi a tsakiyar layin da ya haɗa wuraren biyu. Tsakiyar nan kuwa ta fi kusa da gaɓar fiye da inda ɗigon yake tun farko, shi ya sa gwiwa ke tsukewa. Lissafin shi ne kaurin yana zama `cos(θ/2)` na asalinsa, θ ita ce yawan lanƙwasar. Hannu mai kauri fiksel 40, ka lanƙwasa digiri 90 ya koma kamar 28, ka kai 120 ya koma 20, rabi ke nan. Sai ka ga hannun ƙato ya zama kamar tiyon ruwa da aka naɗe. Ɗan dambe kuma kullum hannun da aka ɗaure a lanƙwashe yake a baya yana jiran kai hari, don haka dole ka haɗu da wannan.

Maganin da na fi yarda da shi, kada ka zana hannun a miƙe sak. Zana shi a rabin lanƙwasa, misali digiri 60, ka ga in zai miƙe 60 kawai zai motsa, in zai naɗe zuwa 120 ma 60 ne, tsukewar ba ta wuce ya koma kamar 35 daga 40, ido ba ya kamawa. Sannan ka jera layi uku na ɗigo a gwiwar, ɗaya sama kaɗan ɗaya daidai ɗaya ƙasa kaɗan, nauyin ya sauka a hankali kamar 75 da 25, 50 da 50, 25 da 75. In duk da haka bai yi ba to ka raba hannun biyu kawai, damtse daban sangali daban, ka zagaye bakin kowanne ka bar rara su hau juna. Rarar nan ka yi ta a kowace gaɓa tun wajen zane, kafaɗa ta shige ƙarƙashin ƙirji, cinya ta shige ƙarƙashin wando, wuya ya shige ƙarƙashin kai, in ba haka ba da ya ɗaga hannu za ka hango filin dambe ta hammatarsa.

A Godot ɗin ka abin da za ka yi amfani da shi Skeleton2D ne da Bone2D, hoton kuma a Polygon2D. Bayan ka jera ƙasusuwa ka danna Overwrite Rest Pose, ka zaɓa wa Polygon2D ɗin Skeleton2D ɗin ka a wajen Skeleton, sannan a editan Polygon2D ka shiga Bones ka danna Sync Bones to Polygon kafin ka fara shafa nauyi. Abu guda da ke tsorata masu farawa, in ka ƙara ɗigo a cikin hoton ba a bakinsa ba, sai ka shiga Polygons ka haɗa su da kanka, kuma da ka zana na farko sauran hoton zai ɓace. Ba lalacewa ya yi ba, ci gaba da haɗawa har ka rufe shi duka zai dawo. Spine, wata manhajar motsi da ƙashi, ya fi daɗin wanga aiki nesa ba kusa ba, amma ka sani mesh da nauyi suna cikin lasin Professional ne, Essential mai araha ba shi da su, kada ka kashe kuɗi a kan wanda ba zai maka ba.

Sai naushin kansa, wanda shi ne gem ɗin gaba ɗaya. Ka tuna yadda ɗan dambe ke kai hannu. Yana tsaye a karkace, hannun kariya a gaba a buɗe, ɗaurarren a baya. In zai kai, ƙugu ne ke fara juyawa, ƙirji ya biyo, kafaɗar baya ta zagayo gaba, a ƙarshe wanda kake ganin ƙirjinsa sai ka koma ganin gefen bayansa. To bayan nan ba ya cikin hoton da ka zana, ko ka ja mesh har gobe ba zai fito ba. Abin da za ka samu ƙirji ne da ya miƙe, layin zane ya yi kauri a wani waje ya sirance a wani, layun da ke damtse su baje. Duk sanda ka ga layin baki ya yi dishi-dishi ko kaurinsa ya bambanta da na sauran jiki, alama ce ka ja mesh ya wuce iyakarsa, lokacin sabon zane ya yi. Ni ƙirji uku nake zanawa, na tsayuwa, na tsakiyar juyi, na ƙarshen naushi, dunƙulen hannu ma biyu ko uku, sai fuska ta shan duka. Ka musanya su a daidai firem ɗin da motsi ya fi sauri ba wanda zai ga canjin. A wannan firem ɗin kuma za ka canza `z_index` na hannun don ya taso daga bayan jiki ya dawo gabansa.

Matsala ta biyu ta naushi ita ce santsi. Injin yana cike tsakanin ki biyu, wato tsayuwa biyu da ka aje masa, daidai wa daida, sai naushin ya tafi a hankali ba nauyi ba zafi, kana gani ka san ba zai kayar da kowa ba. A gem mai firem 60 a daƙiƙa ka gwada haka: jan hannu baya ya ɗauki firem 10 zuwa 12, fitar hannun 2 ko 3 kacal, in ya samu mutum ka daskarar da su duka biyun firem 4 ko 5, sannan dawowa a hankali. A 'yan firem ɗin fitar ka kashe cikewar, a Godot ka sa Easing na waɗannan ki ɗin a 0, ka saka zane guda na hannu da ya ja dogon zane a iska. Zanen nan guda ɗaya ya fi awa biyu na gyaran nauyi amfani.

Af, ka kula da juya hoto. In ɗan damben ka ya koma ɗaya gefen ka juya shi da `scale.x = -1`, ɗaurin dama zai koma hagu, ya zama bahago. Wasu gem ba a damuwa, amma wanda ya san dambe zai lura nan take. Da ƙashi musanya hoton hannayen biyu da tsarin gaba da baya da ɗan gyaran motsi ne, da zanen hannu kuwa sabon hamsin.

Inda zan ce ka bar ƙashi gaba ɗaya shi ne in zanen ka na fiksel ne ƙanana, irin mai 48 ko 64. Juya irin wannan hoton yana farfasa fiksel ɗin ya yi muni, ga shi firem mai 64 da 64 kilobayit 16 ne kawai, hamsin ma ba su kai megabayit 1 ba, kuma zana su ba ya cin lokaci sosai. Ba ka faɗi girman zanen ka ba, don haka ka duba wannan tukuna.

In manya ne, kafin ka yanka komai ka ɗauki takarda ka zana tsayuwa uku mafi tsanani, ja da baya na ƙarshe, ƙarshen naushi, da kwanciya ƙasa bayan kisa. Ka aje su kusa da zanen tsayuwarsa, duk gaɓar da ta nuna gefen da babu shi a tsayuwar ka yi mata alama, waɗannan su ne za ka zana daban. Kwanciyar ƙasa ma galibi gara ka zana ta sukutum hoto guda ka ɓoye gaɓoɓin. In ka yi ka turo hoton takardar mu duba inda ya kamata ka yanka kafaɗar, don ita ce ta fi gwiwa rigima.