Makarantar kuɗi, ta gwamnati ko Islamiyya mai haɗe da boko: ina zan kai 'yata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina zaune a Kurna. 'Yata ta fari ta cika shekara 6, tana da ƙanne biyu. Akwai firamaren gwamnati a bayan layinmu, da Islamiyya mai haɗe da boko ta naira 25,000 a zango, da makarantar kuɗi ta naira 40,000 wadda sai an hau adaidaita na naira 600 kullum, zuwa da dawowa. Mahaifiyarta na son ta kuɗin, ni kuma na fi son Islamiyyar. Wacce ta fi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya raya mana su. Na yi shekaru ina riƙe da alli a firamare kafin na koma aikin duba makarantu, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne allon da aka kafa a bakin ƙofa ba ya gaya maka abin da ake yi a cikin aji. Yarinya mai shekara 6 abu ɗaya ne a gabanta: kafin ta gama aji uku ta iya karanta rubutun da ba ta taɓa gani ba, ta iya tarawa da ɗebewa. Wadda ta wuce aji uku ba ta iya wannan ba, duk darasin da ya biyo baya kwafar allo kawai za ta riƙa yi. Da wannan ma'aunin za ka auna duka ukun.

Bari in fara da Islamiyyar, tunda can zuciyarka ta karkata, kuma can ne iyaye suka fi yin kuskuren lissafi. Makarantar boko zalla tana da darasi kamar takwas a rana, kowanne minti 35 zuwa 40, ranar Juma'a kuma a tashi da wuri. A mako za ka samu darasi 37 ko kusa da haka, lissafi da Turanci kowannensu yana fitowa kullum. To ita Islamiyya mai haɗe da boko ta ɗora Alƙur'ani da Hadisi da Fiƙihu da Tauhidi da Larabci da Sira a kan wannan. Idan ita ma ƙarfe 1 take tashi kamar kowa, ba makawa an yanke wani abu, domin ba a ƙara wa yini tsawo ba. Wasu lissafi suke yankewa ya koma sau biyu a mako. Wasu kuma haddar ce ke zama suna kawai, a yi ƙari ba muraja'a, yarinya ta kai izu biyar a takarda amma ka ja mata baƙi a Sabbi ta tsaya tana kallonka. Waɗanda suka riƙe amanar ɓangarorin biyu za ka ga sun tsawaita yini zuwa la'asar, ko sun haɗa da Asabar da Lahadi, kuma sun ware safiya ga Alƙur'ani lokacin da ƙwaƙwalwa ke sabuwa.

Don haka in ka je, kada ka tsaya a ofishin hedimasta. Ka nemi a nuna maka jadawalin aji ɗaya, ka ƙirga da yatsanka sau nawa lissafi ya fito, sau nawa karatu ya fito. Sannan ka tambaya wa ke koyar da su. Sau da yawa malamin Alƙur'ani gwani ne na gaske, amma lissafi an miƙa wa wani ɗalibin da ya gama sakandare bara yana jiran sakamakon JAMB. Mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan ita ce NCE, kuma ba rashin kunya ba ne uba ya tambayi malamai nawa ke da ita.

Akwai wani gwaji da nake yi a duk makarantar da na shiga, kai ma za ka iya. Ka nemi ɗan aji uku, ba wanda malami zai zaɓo maka ba, na tsakiyar aji. Ka rubuta masa layi uku na Hausa da hannunka, misali labarin akuya da ta shiga gidan maƙwabta ta ci dusa, ka ce ya karanta ya gaya maka me ya faru. Sai ka rubuta masa 52 a ɗebe 17. Yaron da aka koyar zai ara ɗaya daga 5, ya ba ka 35. Wanda ba a koyar ba zai ɗebe 2 daga 7, ya ɗebe 1 daga 5, ya ba ka 45 da ƙarfin gwiwarsa. Na taɓa yin wannan a wata makarantar kuɗi mai fenti da lilo a tsakar gida. Yaran suka miƙe suka gaishe ni da Turanci baki ɗaya kamar waƙa, abin sha'awa. Da na kira wata yarinya na ɗora yatsana a kan kalma ta uku a shafin da suka gama rerawa, sai ta koma farkon shafin ta faro daga can, domin haddace shi ta yi, ba karantawa take ba. Takardar sakamakonta kuwa ta nuna ta ci 90. Har yau ina tuna fuskar yarinyar nan, don ba laifinta ba ne, kuma uban yana biya duk zango yana ganin ya sauke nauyi.

Wannan ya kawo mu kan ta kuɗin. Abin da ake saya a makarantar kuɗi ta gari abu biyu ne: ƙarancin yara a aji, da mai makaranta da ke tsaye a kan malamai su shiga aji. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, kuma mahaifiyarta ba ta yi kuskure ba da take hangensu. Sai dai makarantar da ke karɓar kuɗi kaɗan albashi kaɗan take biya, malami kuma da ya samu abin da ya fi sai ya tafi. Ka buɗe littafin rubutun ɗan aji biyu ka duba jan biron da aka yi maki da shi. In ka ga hannu uku daban-daban a cikin shekara guda, malamai uku suka wuce ta ajin. In kuma shafi goma a jere ba jan biro ko ɗaya, ba mai duba aikin. Ka kuma tambaya ko tana da rajista da hukumar kula da makarantu masu zaman kansu ta jiha, domin akwai gidajen haya da yawa da aka mayar makaranta, shekara biyu mai gida ya karɓi abinsa yara su watse.

Yanzu mu yi lissafin aljihu da alƙaluman da ka bayar. Naira 40,000 sau uku, 120,000 ke nan. Adaidaita naira 600 a kwanakin makaranta kamar 180, ya kama 108,000. Ka ga kuɗin hanya ya kusa kamo kuɗin makarantar, jimla 228,000, ba a sa yunifom da littattafai da kuɗin bikin ƙarshen shekara ba. Islamiyyar da za ta taka da ƙafa 75,000 ce. Nan da shekara huɗu ƙannenta biyu sun shigo layi, kuɗin makaranta kuma ba ya sauka. Ka san halin kasuwa, yau ciniki gobe shiru. Abin da ya fi karya yara a garin nan, a ganina, shi ne a fara da makarantar da ba za a iya ɗorewa ba: a koro yarinya mako uku saboda bashi, a cire ta a aji huɗu, a kai ta wata, a sake cirewa. Gara matsakaiciyar da za ta yi shekara shida cur a cikinta.

Ta gwamnati fa? Mutane suna saurin yi mata kuɗin goro, alhali sau da yawa malamanta sun fi na ƙananan makarantun kuɗi shaidar koyarwa da daɗewa a aiki. Ciwonta cunkoso ne. A 2019 gwamnatin jihar Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole, a 2024 kuma aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, wanda shi kansa shaida ne cewa matsalar babba ce. A unguwanni masu cika irin naku za ka iya tarar da aji ɗaya yara sun haura 100, wasu zaune a ƙasa. Malama komai ƙwazonta ba za ta iya sauraron karatun kowane yaro ba, kuma karatun farko sai an saurari yaro shi kaɗai ana gyara masa. Shi ya sa ɗan firamaren gwamnati da ya yi fice za ka tarar kusan kullum akwai mai zama da shi a gida. In wannan hanya ka bi, a haɗa mata da Islamiyyar yamma, a kuma samu mai zama da ita rabin awa bayan magariba, mahaifiyarta ko wata yaya a gidan.

Amma kada ka cire gwamnati daga lissafinka na gaba. A matakin sakandare labarin ya sha bamban. Kwalejojin kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, da aka buɗe a 1977, sun yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa a jihar nan, 'yan mata kuma suna da tasu kamar ta Garko. Da jarrabawa ake shigarsu bayan ƙaramar sakandare, kuma lissafi da Turanci da kimiyya ne ke raba gardama. Wannan ne ya sa nake matsa maka a kan jadawalin Islamiyyar tun yanzu. In kuma Islamiyyar tana da sashen sakandare, ka tambaya wace jarrabawa ɗalibanta ke zanawa a ƙarshe: WAEC, NECO ko ta hukumar NBAIS mai kula da karatun Larabci da addinin Musulunci. Jami'a za ta nemi kiredit biyar har da Turanci, a fannoni da yawa har da lissafi, wadda kuma ke son likitanci sai ta yi darussan kimiyya a makarantar da ke da ɗakin gwaje-gwaje na gaske.

In ni ne a matsayinka, Alhaji, Islamiyyar zan fara zuwa, ranar Talata da misalin ƙarfe 11 ba tare da na sanar ba, kuma tare da mahaifiyarta, don ta gani da idonta kada ya zama kai ka yanke kai kaɗai. In lissafi da karatu suna fitowa kullum a jadawali, yara ba su wuce 40 a aji ba, ɗan aji uku ya karanta labarin akuyar ya kuma ba ka 35, to ka sa ta a nan hankalinka kwance, rarar kuɗin ka saya mata littattafan karatu na Hausa da na Turanci ta riƙa juyawa a gida. In Islamiyyar ta faɗi gwajin, ku je ta kuɗin ku yi mata irinsa, amma kada ka biya sai ka tabbatar za ka iya ɗaukar yara uku a can. In duka biyun suka faɗi, ba dalilin biyan kuɗi a kan abin da babu: ka kai ta ta bayan layi, ka nemi malamar ajinta ku san juna, ka shiga taron iyaye da malamai. Duk wadda aka zaɓa, a ƙarshen kowane zango ka ajiye takardar sakamako gefe, ka zaunar da ita a tabarma, ka rubuta mata sababbin layi uku ta karanta maka, sannan ka ja mata baƙi a surar da aka ce ta wuce.