Na fara nisanta takarda kafin in karanta: tabarau zai ƙarasa kashe mini ido?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 47, a da ban taɓa sa tabarau ba. Tun bara ƙananan rubutu suka fara yi mini dishi-dishi, sai na miƙa hannu can nesa kafin in karanta saƙo a waya, musamman da daddare. Na sayi tabarau na karatu mai lamba +2.50, ina gani da shi, amma kaina yana ciwo, kuma allon kwamfuta ba ya fita. Yayana ya ce in cire shi, wai wanda ya fara sa tabarau idonsa mutuwa yake yi, ya kawo mini wani maganin ɗigawa. An kuma ce in yi wani irin tabarau da ake kira furogiresib. Wallahi tsoro nake ji kada makanta ce ta fara kama ni. Mene ne gaskiya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ka kwantar da hankalinka, abin da ka siffanta ba hanyar makanta ba ce. Sunansa firesbiyofiya, kuma duk wanda Allah ya ja kwanansa ya haura arba'in sai ya same shi. Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne kwalbar da yayanka ya kawo. Ka ajiye ta tukuna, zan dawo kanta.

Gilashin da ke cikin ido, a bayan baƙin ido, yana da taushi lokacin ƙuruciya. In za ka duba abu na kusa, tsokar da ke kewaye da shi takan motsa, shi kuma ya ƙara kauri, ƙarfinsa ya ƙaru. Ana auna wannan ƙarfi da diyofta, wato lambar nan da ka gani a jikin tabaranka. Yaro ɗan shekara goma yana iya ƙara diyofta 12 ko fiye. Tun daga lokacin gilashin yake ta yin tauri a hankali ba ka sani ba, don akwai rara mai yawa. A shekarunka abin da ya rage bai fi diyofta 3 da ɗan wani abu ba, wajen shekara 60 kuma da ƙyar a samu 1. Tsokar tana nan da ƙarfinta, gilashin ne ya daina amsa mata, shi ya sa atisayen ido da ake koya wa mutane ba ya dawo da komai.

Ga lissafin. Ka raba 100 da nisan abin da kake kallo a santimita, shi ne ƙarfin da ido ke bukata. Littafi a santimita 40 yana bukatar 2.50. Ido kuwa ba ya iya daɗewa yana aiki da duk ƙarfinsa, kusan rabi yake iya riƙewa cikin daɗi. Rabin naka 1.50 ne, saura 1.00 ke nan da za a ciko daga waje. Saboda haka mai shekarunka yawanci tsakanin +1.00 da +1.50 ake ba shi. Miƙa hannun da kake yi dabara ce ta rage bukatar, don a santimita 60 abin da ake nema bai kai 1.75 ba. Da daddare kuma 'yar ƙofar hasken da ke tsakiyar baƙin ido takan buɗe, sai dishi-dishin da take ɓoyewa da rana ya fito fili.

Yanzu dubi abin da +2.50 ya yi maka. Idan ganinka na nesa lafiya yake, wannan tabarau ba ya nuna komai sarai bayan santimita 40. Kwamfutarka tana wajen santimita 60 zuwa 70, ta fita daga iyakarsa, sai ka riƙa tura wuya gaba kana matse ido. Da +1.25 ne, da kana gani tun daga wajen santimita 25 har zuwa 80, littafi da allo duka sun shiga. Mutane suna zaɓar mai ƙarfi ne domin yana ƙara girman harafi a minti ɗayan da suke gwadawa. Ban da haka, tabarau na saye-ka-sa lamba ɗaya ce a idanu biyu, ba ruwansa da tazarar da ke tsakanin idanunka, kuma ba ya gyara karkatar gani da muke kira astigmatizim. Wanda idanunsa biyu suka yi daidai yana iya amfani da shi lafiya lau, amma sai an auna ake sanin ko kana cikinsu.

To, mu koma ga maganar yayanka, wadda ba ranar da ba na jin ta a ɗakin duba marasa lafiya. Wai tabarau yana sa ido lalaci, wai da ka fara sai lamba ta yi ta hawa har ka makance. Tabarau a kan hanci yake zaune, haske kawai yake lanƙwasawa kafin ya shiga ido. Ba ya taɓa gilashin ciki, ba ya ƙara masa tauri, ba ya rage masa. Lambar za ta hau, gaskiya ne, duk bayan shekara biyu ko uku, har ta tsaya wajen +2.50 a kusan shekara 60. Amma wanda ya ƙi tabarau shi ma nasa taurin yana tafiya daidai da naka, sai dai ya daina karatu, ya koma ba yara waya su karanta masa. Furfura ba ta jiran a sa hula. Abin da ke ruɗar mutane shi ne, bayan wata biyu da tabarau, in sun cire sai su ga kamar abin ya fi da muni. Idon bai canja ba, mutum ne ya tuna yadda gani sarai yake, ya daina yarda da dishi-dishin da ya saba haƙuri da shi.

Da a ce jita-jitar a nan ta tsaya, da ban ɓata bakina ba. Matsalar ita ce tana tura mutane hannun masu tallar "maganin wanke ido", waɗanda ba su taɓa leƙa cikin ido ko sau ɗaya ba. Babu ɗigon da ke mayar da gilashin da ya yi tauri ya koma mai taushi. Da yawa daga kwalaben da marasa lafiya ke zaro mini daga aljihu suna ɗauke da sitiroyid, wato magungunan rage kumburi irin su dekzametazon da betametazon. Magunguna ne masu amfani a hannun likita, na ɗan lokaci, ana auna ido. Suna kawar da ja da ƙaiƙayi, ido ya yi fari tas, mutum ya ce ai magani yana aiki, ya sake sayen wata kwalba. A ciki kuwa, kusan mutum ɗaya cikin uku matsin ruwan idonsa yakan hau bayan makonni huɗu zuwa shida yana ɗigawa. Matsin da ya kamata yana tsakanin 10 da 21. In ya daɗe a sama sai ya riƙa cin jijiyar gani daga gefe-gefe, ba ciwo, ba alama, wato gilakoma, wadda aka fi sani da hawan jinin ido. Abin da ta ci ba ya dawowa, ko da tiyata. Sitiroyid ɗin kuma yana kawo yanar ido da wuri. Na taɓa duba wani bawan Allah da bai cika hamsin ba, ya shekara biyu yana ɗiga irin wannan don gudun tabarau. Ya zo matsin idonsa ya haura 40, ido ɗaya kamar ta cikin bututu yake gani da shi. Abin da ya jawo masa duk wannan tun farko gudun tabarau mai lamba +1.50 ne. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, domin mai sayarwar yana nan yana cinikinsa, babu wanda ya tambaye shi.

Akwai wani ɗigo na gaskiya, filokafin, da aka amince da shi don wannan matsala a Amurka a 2021. Ƙofar haske yake tsukewa na 'yan sa'o'i, ba ya warkarwa, yana iya sa ciwon kai da duhun gani da daddare, kuma sai likita ya duba bayan ido kafin ya rubuta. Kada wani ya fake da shi ya sayar maka da kwalbar da ba ka san cikinta ba. Haka kuma dattijon da ya ce bayan shekaru da tabarau yanzu yana karatu babu shi, kada ya gode wa mai magani: sau da yawa yanar ido ce ta fara, ko sukarin jini ya hau.

Batun furogiresib kuwa, bambancin a sauƙaƙe yake. Tabarau na karatu ƙarfi ɗaya ne daga sama har ƙasa, filin gani faɗi, amma da ka ɗaga kai komai na nesa ya dushe, kuma ba a tuƙi da shi. Mai gida biyu, baifokal, yana da layi a tsakani, sama nesa, ƙasa kusa, babu tsakiya. Furogiresib, wanda Bernard Maitenaz ya fito da shi a Faransa a 1959, ba shi da layi: ƙarfin yana ƙaruwa a hankali ta wata siririyar hanya daga sama zuwa ƙasa. A ce an auna ka aka samu +0.75 na nesa, aka rubuta 1.50 a gurbin ADD na takardar, wato ƙarin da ake ɗorawa don karatu. Saman gilashin zai zama +0.75, ƙasansa +2.25, tsakiya kuma wajen +1.50 na kwamfuta. Kuma da haka sakamakonka ya fito, tabarau na karatu zalla +2.25 za a yanka maka, shi ya sa ba na yarda a zaɓi lamba da shekaru kaɗai.

Abin da ake biya a madadin wannan sauƙi shi ne gefen gilashin, dama da hagu ta ƙasa, inda abubuwa ke ɗan lanƙwashewa. Ba kuskuren mai yi ba ne, haka ƙirar take, kuma yana ƙaruwa da ƙarfin lamba, don haka wanda ya fara tun lambarsa tana ƙarama ya fi saurin sabawa. Za ka koyi juya hanci zuwa ga abin da kake kallo maimakon satar kallo ta gefe, kuma wajen sauka matakala ka sunkuyar da kai ka duba ta sama. Mako ɗaya zuwa biyu ya isa yawancin mutane. In ya wuce haka kana ɗaga haɓa kafin ka karanta, ko ido ɗaya ya fi ɗaya gani, to ka koma a sake duba awon. Dole a auna tazarar kowane ido daga tsakiyar hanci daban, a kuma sa alamar tsayi kana sanye da firam ɗin da ka zaɓa, domin kuskuren milimita biyu ya isa ya kawar da hanyar daga gaban idonka. Firam mai gajeren tsayi kuma yakan yanke gurbin karatun.

A naka yanayin, idan awo ya nuna nesa lafiya, kuma kana zama sa'o'i kan takarda da allo, tabarau na karatu da aka auna da nisan teburinka ya wadatar. Idan an samu gyara a nesa, ko aikinka na duba takarda ne ka ɗaga kai ka dubi mutane, furogiresib ya fi. Kafin ka je, auna da awo nisan idonka zuwa allon kwamfuta da zuwa inda kake riƙe waya, ka rubuta. Ka tafi da kwalbar yayanka a duba abin da ke ciki, ka faɗi tsawon lokacin da ka yi kana ɗigawa in ka fara, kuma ka ce lallai a auna matsin ido a duba jijiyar gani, ba karanta haruffan bango kaɗai ba.